Layi Shida na Dogara Waya

Ni da Dogara benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan, shekarar alif ɗari tara da hamsin da huɗu. Ni ina bakin benci wajen taga, shi yana jikin bango, inda malami ba ya saurin gani. Yanzu mu duka mun kai tamanin, gidansa na bayan nawa a nan Kafanchan, kuma har yau idan na ji wani ya ce “bari mu je wurin Baba Dogara ya gyara mana takarda”, sai na ji kishi ya taso mini. Gara in faɗi wannan tun farko, domin mai karatu ya san wanda yake ba shi labari. Sunana Bartholomew. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina hedimasta.

A aji huɗu aka ba mu aikin rubutu a kan yadda muka yi hutu. Na cika shafi huɗu, har da kukan tsuntsaye da launin gajimare. Dogara ya rubuta jimla uku: “Na je gona. An yi ruwa. Na dawo.” Aka ba ni alƙalami mai tawada a gaban dukan ɗalibai, shi kuma aka ba shi bulala shida. Da ake dukansa ya ce, “To, Malam, wanne ne ƙarya a ciki?” Aka ƙara masa biyu. A ƙarshen shekarar ya bar makaranta, ni na wuce har kwalejin horon malamai. A lokacin na ɗauka an gama raba mu, kowa ya san matsayinsa.

Ya shiga reluwe yana masinja, yana kai takardu daga ofishin tasha zuwa loko, wurin gyaran jiragen ƙasa. Wanda bai ga Kafanchan a wancan zamani ba, ba zai gane ba. Jirage daga kudu da arewa nan suke haɗuwa, kuma da usur ɗin jirgin safe mata suke ɗora tukunya. A ofishin tasha akwai ɗakin wayar tangarahu, mai ƙwanƙwasa saƙo. Dogara ya yi ta tsayuwa a bakin ƙofar har kunnensa ya koyi ƙwanƙwasar, aka gwada shi, aka zaunar da shi a kujera. Daga nan sunan Dogara Waya ya bi shi. Mutanen unguwa masu son buga waya a gidan waya, inda kowace kalma take da farashinta, sai su fara biyowa ta wurinsa ya rage musu magana. Mutum ya zo da kuka da labarin rabin sa'a, ya tafi da kalma tara.

Ni ma a lokacin ana kawo mini aiki, kuma manyan ayyuka: takardar koke zuwa ga hukuma, jawabin maraba da baƙo, tarihin mamaci da ake karantawa a majami'a. Ban taɓa ɗaukar Dogara abokin gasa ba sai da marigayiya matata Afiniki ta yi mini wata magana, bayan mun yi shekara ashirin da aure. Muna ɓarar gyaɗa ta yi dariya ita kaɗai. Na tambaye ta, ta ce ta tuna wasiƙar neman aure da na rubuta mata, shafi shida. Ta ce ta karanta sau biyu ba ta gane inda na dosa ba, sai ta kai wa Dogara. Ya karanta, ya ninke, ya ce mata, “Yana son ki. Yana tambaya ko za ki aure shi.” Ita kuma ta ce, “Ashe!” Na yi dariya tare da ita a ranar. Amma kwana uku ban gaishe shi ba, shi kuma bai ma lura ba.

An daina amfani da tangarahu, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse zuwa Jos da Abuja. Ya rage shi da barandarsa, da kujerar katako, da guntun fensir a bayan kunne. Na zaci wayar hannu za ta kashe masa kasuwa. Sai ga shi matasa masu digiri suna zuwa su karanta masa abin da suka rubuta, ya ce cire wannan, cire wancan. Ni kuwa sai a yi wata uku ba wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, in ba mutuwa aka yi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru a watan Yuli na bara, kuma a cikin gidana ya faru.

Tamar matar ɗana Nelson ce. Shi yana aikin walda a Mararraban Rido, aiki yau akwai gobe babu, yana zuwa gida ƙarshen wata. Ita tana zaune tare da ni da yaranta biyu, tana koyar da aji uku a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Aikinta ne ke riƙe da gidan, kuma yaran a makarantar suke karatu a matsayin 'ya'yan ma'aikaciya. In aikin ya tafi, karatunsu ya tafi tare da shi. Mai makarantar, Hajiya Fatimatuzzahra'u, ɗiyar tsofaffin 'yan kasuwar garin nan ce. Na koyar da ita tana ƙarama. Mace ce mai adalci, amma ba ta ɗaukar ƙarya, kuma kowane ma'aikaci yana da fayil a kabad ɗinta.

Ran Talata, tara ga wata, da sassafe, aka kira Tamar daga ƙauyensu da ke bayan Zangon Kataf, aka ce Baba Meshak ya rasu. Makon jarrabawa ne. Ta fita da takalmi wari da wari. A bakin titi ta gamu da abokiyar aikinta Endurance, ta ce mata cikin kuka, “Ki gaya wa Hajiya babana ya rasu,” ta hau mota. Ba ta dawo ba sai Asabar. Ran Litinin da ta shiga makaranta, Hajiya ba ta yi mata gaisuwar rasuwa ba. Sakatare ne ya miƙa mata takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri: ta bayyana a rubuce, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Talata, dalilin da zai hana a sallame ta saboda barin aiki kwana huɗu ba izini.

Ta dawo gida idonta ya kumbura. A hanya ta riga ta ɗauki muryarta a waya, minti tara, da niyyar aika wa Hajiya. Na ce kada ta aika tukuna, ta kunna mini. Abin tausayi ne. Ta fara daga ranar da mahaifiyarta ta rasu tana da shekara biyar, yadda Baba Meshak ya goya ta zuwa gidansa, yadda ya sayar da citta ya kai ta kwaleji, yadda ya kira ta mako biyu kafin ya mutu ba ta ɗauka ba domin tana cikin aji. Ta shiga maganar ruwan sama, da rafin da ya cika, da matar kawunta da ta suma, da rashin sabis, da Endurance da take zargin ba ta isar da saƙo ba. A tsakiya ta yi kuka na kusan minti ɗaya. Ta rufe da cewa in Hajiya tana da zuciya, ta tuna ita ma tana da uba.

Ina saurare ina tsayar da ita ina rubuta kanun magana. Na ce, “Ki kwantar da hankalinki, 'yata. Wannan aikina ne.” Gaskiya na ji daɗi. Na ɗauko takarda mai layi da alƙalamina, na zauna awa biyu, na fitar da shafi biyu da rabi cikin Turanci mai kyau, irin wanda aka koya mana. Na buɗe da gaisuwa ta ladabi, na kawo labarin rasuwar mahaifinta ƙaunatacce wanda ya yi barci cikin Ubangiji, na zana damina da rafi, na ce ƙauyen ba shi da sabis ko kaɗan, na nuna cikin dabara cewa wata abokiyar aiki ta gaza riƙe amana. Na karanta mata da ƙarfi. Ta ce, “Na gode, Baba. Ya yi kyau sosai.” Ta ninke, ta sa a jaka.

Bayan la'asar na ga ta yafa gyale ta bi ta ƙofar baya. Ƙofar baya ba ta kai mutum ko'ina sai gidan Dogara.

Na zauna na minti goma ina gaya wa kaina ba ruwana. Daga nan na tuna akwai littafin waƙoƙinsa da na ara tun Ista, na ɗauka na bi ta.

Na same su a baranda, ita a kan tabarma, shi a kujerarsa. Hausar Dogara irin ta gida ce, ba ruwansa da bambanta namiji da mace. Na gyara masa ita a nan, ko da yake ba zai gode mini ba.

Ya ce, “Hedimasta! Yau littafina ya tuna hanyar gida?”

Na ce, “Wucewa nake yi.”

“Ta bayan gidana? Daga nan sai masai. Zauna.”

Tamar ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Baba, ba raina takardarka na yi ba. Na ce ne ido biyu...”

Na ce, “Ai ba komai,” da murya wadda ni kaina na ji akwai komai a cikinta.

Dogara ya ce ta kunna muryar. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya saurari minti taran nan duka. Wurin da ta yi kuka ma bai ce ta wuce gaba ba. Da ta ƙare ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri. Meshak mutum ne. Wannan muryar kada ki goge ta, kada kuma ki aika. Taki ce. Hajiya ba ta tambaye ki ita ba.”

Sannan ya karɓi takardar tuhumar ya karanta sau biyu, ya karɓi tawa ya karanta sau ɗaya. Ina kallon fuskarsa kamar ɗalibi mai jiran maki, ni da na ba dubban yara maki.

Ya ce, “Turanci kam, Hedimasta, har yau ba na biyunka.” Na gyara zama. Ya juya wurin Tamar. “Wane baban ne ya mutu?”

Ta ce, “Baba Meshak mana.”

“To shekara uku da suka wuce, shinkafar jana'izar wa na ci a gidanku? Ni da Hedimasta mota ɗaya muka shiga, ya yi ta ƙorafin kujera.”

“Wancan ai Baba Jason ne, wanda ya haife ni.”

“Lokacin kina aiki wurin Hajiya?”

“Shekarata ta farko. Ta ba ni mako guda. Har ta aiko da buhun...” Sai ta ɗora hannu a baki.

Dogara ya ce, “Yauwa.”

A nan ne na gane, kuma na ji kunya har tafin ƙafata. A wurinmu ƙanen uba uba ne, wan uba ma uba ne. A yarenmu haka muke kiransu, da Hausa ma baba muke cewa, ba wanda zai ce ka yi ƙarya. Amma Turanci uba ɗaya yake ba mutum, fayil ɗin ofis ma haka. Ni da na halarci jana'izar farko, ni da na rubuta tarihin mamacin da aka karanta a ranar, na sake kashe mata mahaifi a shafi na ɗaya, layi na bakwai, da kyakkyawan rubutun hannu.

Dogara ya ce, “Tun ina reluwe na san wannan ramin. Wani lebura a kamfanin sayen citta ya binne uba uku cikin shekara huɗu, duka gaskiya, aka kore shi a na ukun. Ke yanzu ni ma baba kike ce mini, ga Hedimasta ma baba. Ran da muka tafi, kwana nawa za ki nema?”

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce, “Kai, Baba Dogara, Allah ya kiyaye.”

“Ba zai kiyaye ba, 'yata, layi muke bi. Hedimasta ne gaba, shi ne na ɗaya a komai.”

Na ce, “Ka yi aikin da ke gabanka.”

Ya zaro fensir daga bayan kunne, ya juya bayan wata tsohuwar kalanda. Ya ce mai ba da aiki abu biyar yake son sani: yaushe ka tafi, me ya sa, ka san laifinka ko ba ka sani ba, yaushe ka dawo, aikin da ka bari wa zai yi shi. Saura duk na gida ne. Ya fara yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karɓar saƙon jirgi.

“Ran da kika tafi?”

“Talata.”

“Kwanan wata. Talata tana da yawa a duniya.”

“Tara.”

“Aka binne shi?”

“Alhamis, sha ɗaya.”

“Juma'a fa? In kin bar rana ɗaya ba bayani, a kanta idon Hajiya zai tsaya.”

“Rafi ya cika, ko mashin bai haye ba.”

“Wannan zai shiga. Rabin layi. Sabis fa? Hedimasta ya ce babu ko kaɗan.”

Ta ce, “Akwai wani tudu bayan majami'a, in an hau ana samu.”

“Kin hau?”

“Na kira Nelson ran Laraba.”

“To sabis ya fita. Abin da mutum ɗaya zai iya ƙaryatawa, kada ki sa hannunki a ƙarƙashinsa. Me ya hana ki kiran Hajiya?”

“Ban tuna ba, Baba. Wallahi kaina ba ya jikina.”

“Na yarda. To ki ce ya kamata ki kira, ba ki kira ba. Shi ke nan.”

Na sa baki, na ce ai dole a ambaci Endurance, tunda ita ta jawo duk wannan. Ya dube ni ta saman tabarau. “Ka tambaye ta? Ka san ba ta faɗa ba?” Ban sani ba. Ya ce, “Wadda za ku zauna ɗakin malamai ɗaya gobe da jibi, ba a sa sunanta a takardar da za ta shiga fayil.” Ya ja layi a kan sunan a takardata.

Na ce, “To aƙalla a bar sakin layin da ke maganar yadda ya rene ta. Shi ne zuciyar takardar.”

“Kalma huɗu sun ɗauke shi: wanda ya rene ni.”

“Haba Dogara! Mutum ya yi shekara ashirin yana wahala a kan yarinya, ka ba shi kalma huɗu?”

“Sauran ka rubuta masa a taron tunawa, Hedimasta. Can ne filinka, zan zo in yi kuka.”

Sannan ya tambaye ta abin da ban yi tunaninsa ba sam: takardun jarrabawar ajinta, wa ya duba? Ba kowa, suna ɗaure a kabad. Ranar ba da sakamako kuma Juma'a. Ya ce, “Ciwon Hajiya ke nan. Iyaye za su zo, aji uku ba sakamako. Yaushe za ki gama? Kada ki faɗi ranar da ba za ki iya ba.” Ta lissafa da yatsu, ta ce Alhamis. Ya tambaya ko ta zo da takardar tsarin jana'iza. Tana cikin jakarta, falle ɗaya, da hoton Meshak da sunansa.

Da Turanci aka rubuta, domin da shi aka tuhume ta. Ga abin da ta ce da Hausa, bayan adireshi da kwanan wata:

“Amsar takardar tuhuma ta 15 ga Yuli.

Ban zo aiki ba daga Talata 9 zuwa Juma'a 12 ga Yuli.

Dalili shi ne rasuwar ƙanen mahaifina, Meshak, wanda ya rene ni. An binne shi ran 11, cikar rafi kuma ta hana ni dawowa ran 12.

Na aiko da saƙon baki, amma ya kamata in nemi izininki da kaina. Laifina ne, ina neman gafara, ba zan sake ba.

Na dawo aiki Litinin 15 ga wata.

Zan gama duba takardun aji uku in miƙa sakamako ran Alhamis 18.

Na haɗa da takardar tsarin jana'izar.”

Sai sunanta da sa hannu. Layi shida. Na karanta ina neman kuskure, na sami waƙafi ɗaya da bai zauna daidai ba, na nuna. Dogara ya ce, “Ka ga amfanin mai ilimi,” ya gyara. Ban san ko ba'a yake yi ba. Har yau ban sani ba.

Tamar ta dubi takardar ta ce, “Baba, ba ta yi bushewa da yawa ba? Kamar ban damu da mutuwarsa ba.”

Ya ce, “Duk wanda ya ga idonki ya san kin damu. Takarda aikinki za ta riƙe miki.”

Washegari na ce zan raka ta. Na sa kwat ɗina, kuma zan faɗi gaskiya: na sa tawa takardar a aljihun ciki, bayan na gyara layi na bakwai. A raina ina cewa in gajeriyar ta gaza, sai in fito da ta gaske. Akwai wani ɓangare na zuciyata, Allah ya gafarta mini, da yake so ta ɗan gaza. Ba har a kori Tamar ba. Kaɗan dai, yadda za a juyo a neme ni.

Tamar ta buga takardar a shagon kwamfuta, ta yi kwafi biyu, ta miƙa wa sakatare ƙarfe takwas, ya sa hannu a kwafinta kamar yadda Dogara ya ce ta tabbatar. Na zauna a benci a waje. Wajen ƙarfe tara Hajiya ta leƙo ta gan ni.

“A'a, Malam! Kai ne a benci kamar mai laifi? Shigo, don Allah.”

Ta sa aka kira Tamar daga aji. A kan teburin akwai fayil a buɗe, da layi shidan nan, da hoton Meshak, da wata takarda a kife. Hajiya ta ce, “Malama Tamar, ki yafe mini, ban yi miki gaisuwa ba. Allah ya ba ku haƙuri.” Ta juyo gare ni. “Malam, ran Talatar da ta wuce Endurance ta shigo nan tun kafin a buga ƙararrawa, ta ce baban Tamar ya rasu. Na buɗe fayil, na ga hutun rasuwar mahaifi shekara uku baya, da hannuna na sa. Na ce lalle, a makon jarrabawa za a yi mini wannan? Mu ma fa baba muke ce wa ƙanen uba, amma raina ya riga ya ɓaci, ban tsaya tunani ba.” Ta ɗaga takardar da ke kife. “Ta sallama ce. Tun jiya aka buga. Jira nake ta rubuto mini mahaifinta ya sake mutuwa in sa hannu.”

Na ji takardar aljihuna ta yi mini nauyi. Ko da na gyara layi na bakwai, Endurance tana nan a shafi na biyu, rashin sabis ma yana nan.

Hajiya ta yaga ta sallamar gida biyu. Ta ce za ta ba Tamar gargaɗi a rubuce saboda rashin kiran waya, zai zauna a fayil, kuma tana jiran sakamako ran Alhamis. Tamar ta durƙusa ta yi godiya, ta koma aji da sauri tana share ido.

Na tashi zan fita, Hajiya ta ɗaga layi shidan ta yi murmushi. “Ina gani na san hannunka ne, Malam. Ba kalma ɗaya ta banza. Irinku na makarantar mishan sun ƙare. Zan cire sunan in nuna wa malamaina su koyi rubutu.”

Shekara saba'in ina jiran wani ya yaba mini a kan Dogara, sai ga yabon ya zo a kan aikinsa. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, “Na gode, Hajiya.”

Ban wuce gida ba, na bi ta barandarsa. Yana feƙe fensir da reza.

Ya ce, “Ta koma aji?”

“Ta koma. Gargaɗi kawai.”

“To.”

Na tsaya. Na ce, “Hajiya ta ce ni na rubuta.”

“Ka ce mata me?”

“Na ce na gode.”

Ya yi dariya har tari ya kama shi, sai da na bubbuga masa baya. Da ya sami numfashi ya ce, “Ai waƙafin naka ne.”

Tamar ta miƙa sakamako ran Laraba da yamma, kwana ɗaya kafin alkawari. Tana nan a makarantar har yau. Da aka yi taron tunawa da Meshak a ƙauye, ni na rubuta tarihinsa, shafi biyar, kuma Dogara ya yi kuka kamar yadda ya ce, na gan shi da idona.

Sai da na yi wata huɗu kafin na koma ofishin Hajiya na gaya mata wanda ya rubuta takardar. Ta ce, “Baba Dogara na bayan gidanka? Ashe!” Kalmar da Afiniki ta faɗa ke nan. Tun daga ranar malamanta uku sun zo nemansa, kuma da yake ba su san hanya ba, ƙofata suke fara ƙwanƙwasawa. Nakan saka takalmi in raka su ta ƙofar baya.